Yadda Mai Ƙaramin Shago Zai Zaɓi Littattafan Koyon Lissafi, Sa Farashi da Kula da Masu Saye

Mai shagon da ya ƙudiri aniyar koyon lissafin kasuwancinsa daga tushe yakan fara da sayen littafi mafi kauri da ya gani a kan kanta, domin a ganinsa kaurin littafi shi ne yawan iliminsa. Galibi irin wannan littafi an rubuta shi ne domin ɗaliban da za su zana jarrabawar zama akanta, saboda haka kafin ya kai babi na uku an riga an shigar da shi cikin hannun jari da lissafin manyan kamfanoni, sai ya rufe shi ya ajiye, ya ce lissafi ba nasa ba ne. Abin da ya faru kawai shi ne ya ɗauki littafin da ba a rubuta dominsa ba.

Littattafai uku sun ishi mai farawa, muddin ya bi su a jere: na lissafi, sannan na sa farashi, sannan na mu'amala da masu saye. Jerin yana da dalili. Ba za ka iya sa farashi daidai ba alhali ba ka san abin da shagon ke ci a wata ba, kuma ba za ka san iyakar alherin da za ka yi wa mai saye ba alhali ba ka san farashin da in ka sauko ƙasa da shi ka faɗi ba. Alƙaluman da za su zo a misalan nan ba su ɗauke da sunan kuɗin kowace ƙasa, kowa ya karanta su da kuɗin da yake ciniki da shi.

Mataki na farko: gwada littafi kafin ka saye shi

Ka ba littafin minti goma kana tsaye. Buɗe jerin babi-babi, ka nemi abubuwa huɗu: littafin shiga da fitar kuɗi, littafin masu bashi, ƙidayar kaya, da lissafin riba da asara. Idan waɗannan huɗu ba su bayyana a rabin farko na littafin ba, to ba da mai shago ake magana ba. Daga nan ka buɗe tsakiya ka duba misali guda. Littafin da ya dace da kai zai nuna maka shafi da aka ja wa layuka, an cike shi da cinikin rana ɗaya ko na mako ɗaya, har kana iya bin kowane adadi da yatsa daga inda ya shigo zuwa inda ya sauka. Wanda ya cika da bayani zalla babu shafin da aka cike, ka mayar da shi. Sai ka juya ƙarshe ka ga ko akwai amsoshin ayyukan gwaji, domin wanda ke koyo shi kaɗai ba shi da malamin da zai ce masa ya yi kuskure in ban da wannan shafi.

Ka kuma duba shekarar bugu da ƙasar da aka rubuta littafin dominta. Tsufa ba ya ɓata babin lissafi, tun da yadda ake fitar da riba bai sauya ba, amma yana ɓata babin haraji da na rajistar kasuwanci, kuma waɗannan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kada ka ɗauki ko adadi ɗaya na haraji daga littafin da aka rubuta domin wata ƙasa, wannan sai daga hukumar haraji ta inda kake.

Wanda ke da waya ko kwamfuta yana iya farawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da jerin ƙananan littattafai mai suna Improve Your Business, waɗanda aka shirya musamman domin masu ƙananan sana'o'i, ana kuma samun su kyauta a shafinta na intanet. Guda shida ne, amma uku sun fi shafar abin da muke kai: Record Keeping, wanda ke koyar da ajiye lissafi, da Costing, wanda ke koyar da fitar da abin da kaya suka ci, da Buying and Stock Control, kan saro kaya da sa musu ido. Harshensu mai sauƙi ne, misalansu na ƙananan kantuna ne, kuma suna cike da ayyukan gwaji. Idan littafin da kake dubawa a waya yake, gwajin ya fi sauri: rubuta `cash book`, wato littafin shiga da fitar kuɗi, a wurin bincike, sannan `drawings`, wato kuɗin da mai shago ke ɗiba domin kansa. Littafin da bai san wannan kalma ta biyu ba bai san matsalar ƙaramin shago ba.

Mataki na biyu: littafin lissafi, da littafin rubutu a gefensa

Ranar da ka samo littafin karatu, ka sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi da rula da biro. Ƙa'idar karatun ita ce kada ka wuce babi sai ka yi abin da ya koyar da alƙaluman shagonka, ba na misalin marubuci kaɗai ba. Wanda ya karanta littafin lissafi kamar yana karanta labari zai gama shi cikin mako guda, ya fito da sababbin kalmomi a baki, aljihun teburinsa kuwa yana nan yadda yake.

Aiki na farko shi ne ƙidaya. Ka zaɓi dare guda bayan ka rufe, ka ƙirga duk kayan da ke shagon, ka rubuta kowanne da kuɗin da ka saro shi, ba kuɗin da kake sayarwa ba. Ka ƙirga tsabar kuɗi, ka duba abin da ke asusun banki, ka rubuta waɗanda kake bi da waɗanda ke bin ka. Wannan shawara ta daɗe a duniya. Luca Pacioli, masanin lissafi ɗan Italiya wanda a 1494 ya buga littafi a Venice mai ɗauke da bayanin yadda 'yan kasuwar zamaninsa ke ajiye lissafi, ya sa ƙidayar duk abin da ɗan kasuwa ya mallaka da duk abin da ake bin sa a matsayin mafarin aiki. Dalilin a fili yake: idan ba ka san inda ka tashi ba, babu yadda za ka san ko gaba ka yi ko baya a ƙarshen wata.

Aiki na biyu shi ne littafin shiga da fitar kuɗi. Ka ja layuka biyar a tsaye: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Duk kuɗin da ya shigo ko ya fita a rubuta shi a ranar, har da na leda da na ɗan dako, har da wanda ka zara ka sa a aljihu. Idan ciniki ƙanana ne masu yawa ba sai ka rubuta kowane ɗaya ba, ka rubuta jimillar ranar a layi guda. Da dare ka ƙirga kuɗin da ke hannu ka gwada da abin da layin saura ya ce. Idan sun saɓa, ka rubuta bambancin yadda yake, kada ka gyara adadi domin su yi daidai. Bambancin da ke zuwa yau sama gobe ƙasa yawanci kuskuren canji ne, amma wanda kullum ƙasa yake yi yana nuna akwai kuɗin da ke fita ba a rubutawa, kuma sau da yawa hannun mai shagon ne da kansa. Kuɗin da aka turo ta banki ko ta waya a ba su shafi dabam, domin ba sa cikin abin da za ka ƙirga da dare.

Ka tsaya a nan wata guda cur kafin ka shiga babin riba da asara, ko da littafin yana jan ka gaba. Babin ba zai zauna maka ba sai kana da cikakken wata a hannu.

A ce wata ya ƙare, ga abin da littafinka ya nuna. Ka fara da kaya na 300,000 da tsabar kuɗi 80,000. A cikin watan ka saro kaya na 470,000, ka sayar da na 600,000, amma 45,000 daga ciki bashi ne da ba a biya ba tukuna. Haya da wuta da albashin yaron shago da leda sun ci 70,000. Kai kuma ka ɗebi 65,000 domin hidimar gida. Ƙidayar ƙarshen wata ta nuna saura kaya na 290,000.

Abu na farko da littafi mai kyau zai koya maka shi ne kuɗin kayan da ka saro ba shi ne kuɗin kayan da ka sayar ba. Ana fitar da na biyun haka:

```
kayan farko + kayan da aka saro - kayan da suka rage
300,000 + 470,000 - 290,000 = 480,000
```

Ke nan kayan da suka fita daga shagon sun tsaya maka a 480,000, ka sayar da su 600,000, ribar kaya ta zama 120,000, wato kashi 20 cikin ɗari na ciniki. Idan aka cire 70,000 na hidimar shago, ribar watan ta gaskiya ita ce 50,000. To amma da ka ƙirga kuɗin hannu sai ka tarar da 30,000 kacal, alhali da 80,000 ka fara. Shago ya ci ribar 50,000, kuɗi kuma sun ragu da 50,000, kuma babu wanda ya yi sata. Ga inda suka tafi: 45,000 suna hannun masu bashi, 65,000 sun tafi gida, sai 10,000 da suka dawo saboda kayan kanta sun ragu da hakan. Ka ɗauki ribar 50,000 ka ƙara 10,000, ka cire 45,000 da 65,000, za ka sami ragin 50,000 daidai.

Wannan shafi guda, a ganina, ya fi sauran littafin duka daraja, kuma da shi za ka auna ko littafin da ka zaɓa ya yi maka aiki. Idan ka gama babin riba da asara amma ba ka iya bayyana dalilin da ya sa riba da kuɗin hannu suka saɓa a shagonka ba, ka sake karanta babin, in kuwa bai yi maganar ba sam, ka nemi wani littafi. Ka lura kuma da abin da alƙaluman suka tona: ka ɗebi 65,000 daga shagon da ya samar da 50,000, saboda haka ka ci 15,000 daga uwar kuɗi. Wata ɗaya ba ya kashe shago, amma shekara guda a haka 180,000 ke nan, fiye da rabin kayan da ke kan kanta. Akwai kuma wani tarko a nan. Kayan da ka ɗauka daga kanta ka kai gida, idan ba ka rubuta su ba, lissafin sama zai ɗauke su kamar an sayar, ribar ta fito ƙasa da yadda take, ka yi ta zargin farashi ko yaron shago. Ka rubuta su da kuɗin sari a cikin abin da ka ɗiba.

Mataki na uku: littafin sa farashi

Littattafan farashi iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu magana kan dabarun jan hankalin mai saye, irin su sa farashi ya ƙare da tara, akwai kuma masu koyar da yadda ake fitar da abin da kaya suka ci kafin a ɗora riba. Na biyun kake buƙata yanzu. Na farkon suna da daɗin karatu, amma dabara ba ta da amfani a kan farashin da tun asali bai rufe kuɗin da aka kashe ba.

Gwajin wannan littafi kalmomi biyu ne. Ka nemi `markup` da `margin` a cikinsa, ka ga ko ya bambanta su da misali. Ta farko ita ce ribar da aka auna da kuɗin sari, ta biyu kuwa ribar da aka auna da kuɗin sayarwa. Idan ka sayi abu 400 ka sayar 500, ribar 100 ce, wadda take kashi 25 cikin ɗari na 400, amma kashi 20 ne kawai na 500. Kuɗin ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta, sai dai rikita su yana jawo asara, domin hidimar shago da cinikin wata ake auna ta. Wanda ya ga shagonsa na buƙatar kashi 20 na ciniki, sannan ya je ya ɗora kashi 20 a kan kuɗin sari, zai sayar da abin 480, ribarsa ta zama ƙasa da kashi 17 na ciniki, kuma ba zai gane inda gibin ya fito ba.

Kamar yadda aka yi a baya, ka ɗauki kaya guda daga kantarka ka bi da shi ta cikin babin. A ce katan ne mai guda 24, ka saro shi 9,600, wato 400 kowanne, kana sayarwa 500, kana lissafin ribar 2,400 a katan. Amma kawo shi shago ya ci 480, ya zama 10,080. Sannan littafin ƙidayarka ya nuna kusan kowane katan sai an sami guda ɗaya da ya fashe ko ya lalace, saboda haka 23 kake sayarwa. Idan aka raba 10,080 gida 23, kowanne ya tsaya a kusan 438. Abin da ke shigowa daga katan shi ne 11,500, ribar kuwa 1,420, wato kashi 12 da ɗan ɗoriya na ciniki, maimakon kashi 25 da kake riƙe da shi a ka. Idan kana son wannan kaya ya ba da kashi 20 kamar sauran shagon, ga yadda ake fitar da farashin:

```
farashi = kuɗin da kaya ya ci / (1 - kason riba)
438 / 0.80 = 547.5
```

A nan ne littafi ke kai iyakarsa. Lissafi ya ce wajen 550, amma idan maƙwabtanka duka suna sayarwa 500 kuma masu saye sun san farashin a ka, ba za ka iya ba. Littafi nagari zai faɗa maka gaskiya cewa farashi yana zaune ne tsakanin abin da kaya ya ci daga ƙasa da abin da masu saye za su yarda su biya daga sama. Zaɓin da ya rage maka shi ne ka nemi sari mai sauƙi, ko ka haɗa kaya da yawa a tafiya guda domin kuɗin kawowa ya ragu, ko ka rage fashewa, ko ka bar shi a 500 da saninka saboda shi ke jawo mutane su sayi wasu kayan masu riba, ko ka daina kawo shi. Kowanne daga cikinsu yana iya zama daidai. Wanda ba daidai ba shi ne ka ci gaba da zaton kana samun 2,400.

Abubuwa biyu kuma ka tabbatar ka fitar kafin ka rufe wannan littafi. Na ɗaya shi ne cinikin da shagon ke buƙata kafin ya fara riba, wanda ake samu ta raba hidimar wata da kason riba. A misalinmu 70,000 a raba da 0.20 ya ba da 350,000, kuma ka wuce wannan nesa. Amma idan aka haɗa da 65,000 da gidanka ke buƙata, 135,000 a raba da 0.20 ya zama 675,000, kai kuwa 600,000 ka yi. Wannan gibi na 75,000 a ciniki shi ne 15,000 ɗin da ka ci daga jari, ya sake bayyana ta wata ƙofa. Na biyu shi ne tsadar ragi. Abin da ya ci 80 ana sayar da shi 100, idan ka yi ragin kashi 10 ya koma 90, ribar ta sauko daga 20 zuwa 10. Kashi 10 ka rage a farashi amma rabin riba ka bayar, kuma sai ka sayar da ninki biyu kafin ka koma inda kake. Saboda haka ka rubuta wa kowane kaya mai muhimmanci farashin da ba a sauka ƙasa da shi, ka kuma sanar da duk wanda ke tsaya maka a shago.

Mataki na huɗu: littafin mu'amala da masu saye

A nan ne aka fi sayar da littattafan banza, don haka ka tsananta bincike. Da yawa an rubuta su ne domin kamfanoni masu sashen karɓar koke da ma'aikata ɗaruruwa, wasu kuma labaran nasarar marubucin ne da aka jera babu abin da za ka ɗauka ka yi gobe da safe. Ka buɗe littafin ka nemi zance na gaske: ga abin da mai saye ya ce cikin fushi, ga abin da mai kanti ya amsa, ga dalilin da ya sa amsar ta yi kyau ko ta ɓata. Idan ka juya shafi ashirin ba ka ga mutum biyu suna magana ba, ka ajiye shi. Irin wannan littafi ma aro ya fi saye, tun da karatu ɗaya ya isa, ba kamar na lissafi ba da za ka yi ta komawa gare shi.

Gaisuwa da sakin fuska ba sai an koya maka su daga littafi ba. Abin da kake nema shi ne wurare uku masu wuya: mai koke, mai dawo da kaya, da mai neman bashi. Game da koke, yawancin littattafan kirki hanya ɗaya suke koyarwa: ka bar mutum ya gama maganarsa, ka maimaita masa abin da ka fahimta domin ya san an ji shi, ka ba da haƙuri kan abin da ya same shi, sannan ka faɗi abin da za ka yi da lokacin da za ka yi shi. Abin da ba kasafai suke faɗa ba shi ne wannan mataki na ƙarshe lissafi ne. Idan ka san kaya ya tsaya maka 438, ka san abin da musanya shi zai ci maka, kana iya yanke hukunci nan take maimakon ka tsaya gardama saboda tsoron asarar da ba ka san girmanta ba. Game da dawo da kaya, ka fito daga babin da ƙa'ida rubutacciya mai layi uku ko huɗu: kwana nawa, a wane hali kayan zai kasance, kuɗi ake mayarwa ko musanya. Ka liƙa ta inda kowa zai gani, bayan ka tabbatar ba ta saɓa wa dokar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka ba, domin a ƙasashe da yawa doka ta ba mai saye haƙƙi a kan kaya mai aibi ko da me aka rubuta a bango.

Bashi shi ne inda littattafan uku ke haɗuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma littafin da ya ce kada ka ba da shi sam bai taɓa tsayawa bayan kanta ba. Abin da ake koya shi ne tsara shi. Kowane mai bashi a ba shi shafinsa: kwanan wata, abin da ya ɗauka, abin da ya biya, abin da ya rage, kuma a rubuta a gabansa ya gani. A saman shafin a sa iyakar da ba zai wuce ba da ranar biya. A ƙarshen kowane wata ka raba bashin gida-gida gwargwadon daɗewarsa: wanda bai kai kwana 30 ba, wanda ya kai 60, wanda ya haura 90. A ce daga 45,000 ɗin nan, bayan wata uku ka ga 12,000 suna nan a shafin mutum biyu ba su motsa ba. A shagon da ribarsa kashi 20 ce, sai ka yi cinikin 60,000 kafin ribarsa ta cike gurbin wannan 12,000 idan ta salwanta. Wanda ya ga wannan adadi a rubuce yakan sami ƙarfin halin cewa, cikin mutunci kuma ba a gaban jama'a ba, sai an rage na baya kafin a ɗauki sabo. Shafin yana kuma sauƙaƙa maganar, tun da ba kai ke tuhumar mutum ba, ku biyu ne kuke duban rubutu guda.

Mataki na biyar: lokacin da za ka ƙara littafi na huɗu

Duk abin da ya gabata ana yin sa da lissafi mai sauƙi, inda kowane kuɗi ake rubuta shi sau ɗaya. Akwai wanda ya fi shi zurfi, wanda Pacioli ya bayyana, inda kowane ciniki ake rubuta shi sau biyu, a inda ya fito da inda ya shiga, ta yadda idan ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba an san akwai kuskure. Ba ka buƙatarsa a shekarar farko. Alamar da ke nuna lokacinsa ya yi ita ce ka fara karɓar kaya bashi daga diloli da yawa, ko ka buɗe shago na biyu, ko ka ɗauki abokin tarayya, ko banki ya nemi bayanin kadara da bashi kafin ya ba ka rance. A lokacin ne littafi mai kauri zai yi maka amfani. Akwai Principles of Accounting, juzu'i na ɗaya, wanda OpenStax ta Jami'ar Rice a Amurka ta fitar a 2019, ana karanta shi kyauta a intanet. Littafin ɗaliban jami'a ne kuma ƙa'idojin Amurka yake bi, saboda haka ka karanta babin farko-farko da na kasuwancin saye da sayarwa da na ƙidayar kaya, ka tsallake na manyan kamfanoni.

Haka nan manhajar lissafi ta waya, ka jinkirta ta sai ka rufe aƙalla wata uku da hannunka. Manhaja tana tara adadi da sauri, amma duk abin da ka zuba mata shi za ta tara, kuma idan ka shigar da kuɗin da ka kai gida a cikin hidimar shago, za ta nuna maka asarar da babu ita ba tare da ta yi maka gargaɗi ba. Idan ka koma kan manhajar, ka ci gaba da littafin hannu tare da ita har wata guda, ka gwada ribar da kowanne ya fitar, in sun saɓa ka bi layi-layi har ka gano adadin da ya shiga gidan da ba nasa ba, sannan ka ajiye littafin hannu tare da rasitansa na tsawon shekarun da hukumar harajin ƙasarka ta ƙayyade.